Yadda ake rubuta sakamakon meta-analiz: haɗaɗɗen tasiri, saɓanin bincike da zanen mazurari

Ɗaliban likitanci da ma'aikatan lafiya da ke shirya kundin kammala karatu a nan Damagaram sun sha kawo mini tambaya iri ɗaya. Sun tattara bincike domin yin meta-analiz, wato haɗa sakamakon bincike da yawa ta hanyar lissafi a fitar da tasiri guda, sun zuba alƙaluma cikin kwamfuta, ta fitar musu da shafi cike da lambobi da zane biyu, sai su rasa abin da za su ɗauka su rubuta a babin sakamako. Yawancinsu sukan ɗauki lamba guda, wadda ke ƙasan zanen, su bar sauran. Lambar nan kuwa ba a sakinta ita kaɗai, dole ta fito tare da abin da ke nuna yadda binciken suka saɓa wa juna, in ba haka ba za ta faɗi abin da bayanan ba su faɗa ba.

Zan bi misali guda daga farko har ƙarshe, wato gwaje-gwaje 13 na allurar BCG a kan tarin fuka, waɗanda Colditz da abokan aikinsa suka tattara a 1994. Na zaɓe su ne domin bayanan suna cikin manhajar da za mu yi aiki da ita, kowa zai iya maimaita lissafin a gida ya ga ko lambobinsa sun yi daidai da nawa. Jimlolin misali na rubuta su da Hausa, kai kuma ka mayar da su Faransanci ko Ingilishi gwargwadon harshen kundinka.

## Mataki na 1: Tanadi kayan aiki

Kana buƙatar manhajar R da ƙunshin `metafor`, kuma duka biyun kyauta ne, abin da za ka kashe bai wuce kuɗin intanet na saukewa sau ɗaya ba. Stata da Comprehensive Meta-Analysis suna yin aikin, amma sayen lasisi ake yi, kuma ga abin da ke gabanmu ba su da wani fifiko da zai sa ɗalibi ya ci bashi. Bayan haka ka ajiye kusa da kai takardar tsarin binciken da ka rubuta tun farko, da jerin abubuwan PRISMA na 2020, domin shi ne ma'aunin da mujallu da yawa ke duba rahoto da shi.

```r
install.packages("metafor")
library(metafor)
dat <- escalc(measure="RR", ai=tpos, bi=tneg,
              ci=cpos, di=cneg, data=dat.bcg)
res <- rma(yi, vi, data=dat)
res
```

Gargaɗi: kwamfutocinmu da yawa an saita su da Faransanci, inda ake rubuta 0,49 da waƙafi maimakon 0.49 da ɗigo. Idan ka ajiye teburin bayananka daga Excel a haka, ka karanta shi da `read.csv2`, ba `read.csv` ba, in ba haka ba R zai cusa ginshiƙan teburin wuri guda ko ya ɗauki lambobin a matsayin rubutu. A cikin kundin ma ka zaɓi ɗaya, waƙafi ko ɗigo, ka tsaya a kansa har cikin zane-zane.

## Mataki na 2: Fara da abin da aka haɗa

Kafin kowace lamba ta tasiri, mai karatu yana son sanin bincike nawa ne, mutum nawa ne, kuma me aka auna. A misalinmu jimla biyu sun isa: "An haɗa gwaje-gwaje 13 da aka wallafa tsakanin 1948 da 1980, masu ɗauke da mutum 357,347. Abin da aka auna shi ne kamuwa da tarin fuka a cikin waɗanda aka yi wa allurar, idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi wa ba."

Ya kamata a ƙara da girman binciken, domin a nan bambancin ba ƙarami ba ne. Mafi ƙanƙanta, na Aronson a 1948, mutum 262 ne kacal, shi kuwa babban gwajin da aka yi a yankin Madras na Indiya, wanda aka wallafa a 1980, mutum 176,782 ne, kusan rabin jimillar. Wanda ya san haka tun farko zai fahimci abin da zai biyo baya game da nauyin kowane bincike.

Gargaɗi: adadin binciken da ka rubuta a nan dole ya yi daidai da wanda ke ƙarshen zanen tantancewa na PRISMA, da wanda ke cikin tebur, da wanda R ya nuna a matsayin `k`. Idan bincike 20 suka shiga nazarinka amma 13 kaɗai ke da alƙaluman da za a iya haɗawa, ka faɗi haka a fili tare da dalili. Wannan ne abu na farko da malaman juri ke ƙirgawa da yatsa ranar kare kundi.

## Mataki na 3: Rubuta haɗaɗɗen tasiri

A nan kuskure mafi yawa yake, kuma yana da sauƙin kaucewa. Lambar da R ya nuna ƙarƙashin `estimate` ita ce -0.7145, kuma ba ita ce za ka rubuta ba, domin lissafin ana yin sa ne a ma'aunin logaritim. Sai an mayar da ita ma'aunin da likita ke karantawa:

```r
predict(res, transf=exp, digits=2)
```

Wannan zai ba ka `pred` 0.49, da `ci.lb` 0.34, da `ci.ub` 0.70. Ta farko ita ce RR, wato kason haɗarin kamuwa na masu allura a kan na marasa allura. Biyun da ke biye su ne iyakokin tazarar amincewa ta kashi 95 cikin ɗari. Tunda RR na 1 yana nufin babu bambanci, kuma tazarar gaba ɗayanta tana ƙasa da 1, za ka iya rubuta: "A tsarin tasiri mai sauyawa, haɗarin kamuwa da tarin fuka ya yi ƙasa a cikin waɗanda aka yi wa allurar (RR 0.49, tazarar amincewa ta 95%: 0.34 zuwa 0.70; p < 0.001)."

Abubuwa huɗu ke cikin jimlar nan, kuma babu wanda za a cire: tsarin da aka bi, ɓangaren da sakamakon ya rinjaya, lambar, da tazararta. Ɓangaren da ya rinjaya ka faɗe shi da kalmomi, kada ka bar mai karatu ya yi ta juya 0.49 a ransa yana tambayar ko alheri ne ko akasinsa. Na taɓa karanta kundin da aka musanya ginshiƙan masu magani da marasa magani wajen shigar da bayanai, RR ya fito sama da 2, ɗalibin kuma ya rubuta shi haka nan bai lura ba. Da ya tilasta wa kansa rubuta jimlar da kalmomi, da ya ji kunnensa ya ƙi ta.

Maganar tsarin tana buƙatar ɗan tsayawa. Tsarin tasiri ɗaya yana ɗauka cewa duk binciken abu guda suke aunawa, bambancinsu kuwa na dace ne kawai. Tsarin tasiri mai sauyawa yana ɗauka cewa tasirin gaskiya ya bambanta daga wuri zuwa wuri, abin da ake ƙiyastawa shi ne matsakaicinsu. Idan ka gwada na farkon a kan waɗannan bayanai da `method="EE"`, RR zai zama 0.65, tazararsa 0.60 zuwa 0.70. Dalilin wannan rata shi ne nauyi. A tsarin tasiri ɗaya, gwajin Madras shi kaɗai yana ɗauke da kimanin kashi 41 cikin ɗari na nauyin, na Aronson kuwa rabin kashi ɗaya. A tsarin mai sauyawa, Madras ya sauko kimanin kashi 10, Aronson ya hau kimanin kashi 5. Madras kuwa shi ne gwajin da bai ga kariya ba, saboda haka duk inda ya yi nauyi sai ya ja lambar zuwa 1.

Gargaɗi: ba a zaɓen tsari bayan an ga sakamako. Wanda ka rubuta a takardar tsarin bincikenka shi ne zai zama babban sakamako, ɗayan kuma ya shiga gwajin ƙarfin sakamako a mataki na 7. Haka nan ka ambaci hanyar da aka ƙiyasta saɓanin da ita. `metafor` yana amfani da REML idan ba a ce masa komai ba, manhajar RevMan 5 kuwa tana bin hanyar DerSimonian da Laird ta 1986, shi ya sa mutum biyu masu bayanai iri ɗaya za su iya samun lambobi da suka ɗan bambanta. Idan bincikenka kaɗan ne, ka duba gyaran Knapp da Hartung ta hanyar ƙara `test="knha"`, wanda yawanci yakan faɗaɗa tazarar ta yi daidai da ƙarancin bayanan.

Kada ka rubuta p = 0.000 ko da manhaja ta nuna maka haka, ka rubuta p < 0.001. Kuma idan RR ka lissafa, kada ka kira shi OR, wato ma'aunin da ke auna masu kamuwa a kan marasa kamuwa maimakon a kan dukan mutanen rukuni, a wani shafi, domin ba abu ɗaya ba ne, suna kusantar juna ne kawai idan cutar ba ta da yawa. Idan kana son likitan asibiti ya ji ma'anar lambar, ka ƙara jimla ɗaya ta ainihin adadi: a wurin da mutum 10 cikin 1,000 marasa allura ke kamuwa, RR 0.49 na nufin kimanin 5 cikin 1,000, tsakanin 3 da 7. Sai dai ka bayyana inda ka samo 10 ɗin, ko ka ce misali ne.

## Mataki na 4: Rubuta saɓanin da ke tsakanin binciken

Wannan matakin shi ne ya fi cancantar lokacinka, kuma shi ne aka fi yi wa jimla ɗaya a wuce. R ya ba ka lambobi uku, kowace da aikinta.

Ta farko ita ce Q ta Cochran, wadda a nan ta kai 152.23 a kan `df = 12`, da p < 0.001. Tambaya ɗaya take amsawa: shin bambancin da ake gani ya wuce abin da dace kaɗai zai haifar? Idan babu saɓani, ana sa ran Q ta yi kusa da 12, wato adadin binciken a cire ɗaya. Tamu ta ninka haka fiye da sau goma sha biyu. Amma gwajin nan ba shi da ƙarfi idan binciken kaɗan ne, saboda haka wanda ya haɗa bincike biyar ya samu p na 0.20 ba shi da hurumin cewa babu saɓani.

Ta biyu ita ce I², wadda Higgins da Thompson suka gabatar a 2002. Ana iya lissafa ta da hannu:

```
I² = (Q - df) / Q × 100
```

Idan ka sa lambobinmu za ka samu 92.1, R kuma zai nuna 92.22 saboda yana bi ta hanyar REML, dukansu kashi 92 ne idan aka taƙaita. Ma'anarta ita ce, cikin bambancin da ido ke gani tsakanin binciken, kimanin kashi 92 cikin ɗari na gaske ne, ba na dace ba. Littafin jagora na ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken lafiya, ya ba da ma'auni na kusan-kusan: 0 zuwa 40 mai yiwuwa ba shi da muhimmanci, 30 zuwa 60 matsakaici, 50 zuwa 90 mai yawa, 75 zuwa 100 mai yawa ƙwarai. Da gangan aka bar iyakokin suna shiga juna, domin kada a mayar da su doka.

Gargaɗi: I² kaso ne, ba ta faɗin girman ratar da ke tsakanin binciken. Idan binciken manya ne, masu dubban mutane, kuskuren awonsu yakan yi ƙanƙanta, sai I² ta hau sama ko da tasirin nasu bai yi nisa da juna ba. Masu haɗa binciken yawaitar cuta, misali yawan masu zazzaɓin cizon sauro a yankuna daban-daban, kusan kullum sukan samu I² sama da 90, kuma wannan shi kaɗai bai gaya musu komai ba. Kada kuma ka rubuta cewa kashi 92 na binciken sun saɓa wa juna, wannan fassara ce marar tushe.

Ta uku ita ce tau², wadda ta fito 0.31, kuma ita ce ke auna girman ratar. Matsalarta ita ce tana ma'aunin logaritim, babu likitan da zai kalli 0.31 ya ga wani abu. Shi ya sa ake juya ta zuwa tazarar hasashe, wadda umarnin `predict` da ka riga ka bayar ya nuna a `pi.lb` da `pi.ub`: 0.15 zuwa 1.55. Ka dubi wannan da kyau. Tazarar amincewa ta ce matsakaicin tasirin yana tsakanin 0.34 da 0.70. Tazarar hasashe kuwa ta ce idan aka je wani sabon wuri mai kama da waɗannan aka yi gwaji, tasirin gaskiya a can zai iya zama kariya mai ƙarfi ƙwarai, zai kuma iya zama babu kariya sam, tunda tazarar ta ƙetare 1. Duka biyun gaskiya ne, tambayoyinsu ne suka bambanta. Kamar mai sayen gero ne da aka gaya masa matsakaicin farashin tiya a kasuwannin jiha, alhali shi kasuwa ɗaya zai shiga, abin da ya dame shi shi ne iyakar tsada da iyakar araha da zai iya tararwa.

Ga yadda za a rubuta: "An samu saɓani mai yawa tsakanin gwaje-gwajen (Q = 152.23, df = 12, p < 0.001; I² = 92%; tau² = 0.31). Tazarar hasashe ta 95% ta kama daga 0.15 zuwa 1.55." Wannan jimla ta zo nan take bayan ta haɗaɗɗen tasiri, cikin sakin layi ɗaya, har a taƙaitaccen bayanin da ke farkon kundin. Idan bincikenka bai kai biyar ko shida ba, tazarar hasashe ba ta da tabbas sosai, ka bayar da ita amma ka faɗi haka.

## Mataki na 5: Sa zanen kurmi, ka nuna abin da ke cikinsa

```r
forest(res, atransf=exp, showweights=TRUE, addpred=TRUE)
```

Kowane layi bincike ne, akwatin da ke kansa tasirinsa ne, tsawon layin tazararsa ce, lu'u-lu'un da ke ƙasa kuma haɗaɗɗen tasiri. Ka tabbata an rubuta a ƙarƙashin zanen wane ɓangare ne ke nuna amfanin allura. A rubutu kada ka sake jera duk lambobi 13, zanen ya riga ya yi wannan. Ka ambaci gwaje-gwaje biyun da suka fi ɗaukar ido: gwajin Birtaniya na Hart da Sutherland, 1977, ya samu RR 0.24, na Madras kuma 1.01, inda mutum 505 suka kamu cikin masu allura 88,391, mutum 499 kuma cikin marasa allura 88,391. Manyan gwaje-gwaje biyu ne da tazararsu ba ta ko taɓa juna ba, kuma wannan ya fi kowace I² nuna wa mai karatu abin da saɓani ke nufi.

## Mataki na 6: Rubuta abin da ka bincika game da tushen saɓanin

Idan ka ce saɓani ya kai kashi 92 ka yi shiru, ka bar aikin a rabi. A bayanan BCG akwai ginshiƙi mai suna `ablat`, wato nisan wurin gwajin daga layin ikwaita a ma'aunin digiri.

```r
rma(yi, vi, mods = ~ ablat, data=dat)
```

Sakamakon ya nuna kowane ƙarin digiri ɗaya yana tafiya da raguwar logaritim na RR da 0.029, da p < 0.001, kuma tau² ya sauko daga 0.31 zuwa 0.08. Wato nisa daga ikwaita ya yi bayanin kimanin kashi 76 cikin ɗari na saɓanin, ko da yake ragowar ba ta ƙare ba, I² ɗinta kimanin 68 ce. A rubutu ya fi kyau a ba da misali biyu maimakon a bar lambar 0.029 tsirara: a digiri 50 lissafin yana hasashen RR kimanin 0.30, a digiri 13 kuwa kimanin 0.88.

Ɗalibin Damagaram zai tsaya a kan lamba ta biyun nan, domin garinmu yana tsakanin digiri 13 da 14, kusan layi ɗaya da Madras. A nan ne ake buƙatar riƙe alƙalami. Cikin gwaje-gwaje 13 ɗin babu ko ɗaya da aka yi a Afirka ta Yamma, biyun da ke digiri 13 duka a Indiya aka yi su. Digiri kuma ba shi ne ke hana allura aiki ba, alama ce ta wasu abubuwa da ke tafiya tare da shi, kuma bayanin da aka fi kawowa shi ne yawan cuɗanya da dangin ƙwayar cutar da ke cikin ƙasa da ruwa a wurare masu zafi. Bayan haka, abin da ya sa ake yi wa jarirai BCG da haihuwa a Nijar shi ne kare su daga munanan nau'o'in cutar, kamar sanƙarau na tarin fuka, kuma wannan tambaya ce dabam da wadda lissafin nan ya auna. Saboda haka a babin sakamako ka rubuta "ya tafi tare da", kada ka rubuta "ya jawo", duk wannan bayani kuma ka kai shi babin tattaunawa.

Gargaɗi: ka faɗi ko wannan bincike na rukuni ka tsara shi tun farko ko bayan ganin bayanai ne ya zo maka. Ka kuma ba da rahoton duk waɗanda ka gwada, har da waɗanda ba su nuna komai ba. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kimanin bincike goma ga kowane abu ɗaya da za a gwada, wato bincike 13 ba za su ɗauki abubuwa huɗu ba. Idan rukuni biyu kake kwatantawa, gwajin bambancin da ke tsakaninsu shi ne abin rubutawa. Kasancewar p na rukuni ɗaya ya yi ƙasa da 0.05, na ɗayan bai yi ba, bai nuna cewa rukunan sun bambanta ba.

## Mataki na 7: Gwajin ƙarfin sakamako

Wannan gajere ne. Umarnin `leave1out(res, transf=exp)` yana cire bincike ɗaya-ɗaya yana sake lissafi. A misalinmu RR ya tsaya tsakanin 0.45, idan aka cire Madras, da 0.53, idan aka cire Hart da Sutherland. Jimla ɗaya ta ɗauke shi, sai ka haɗa da sakamakon tsarin tasiri ɗaya da muka gani, da sakamakon cire binciken da ka tantance cewa ingancinsu na da rauni.

## Mataki na 8: Magana a kan zanen mazurari

```r
funnel(res)
regtest(res)
```

Zanen yana ɗora tasirin kowane bincike a kwance, kuskuren awonsa kuma a tsaye, manyan bincike a sama, ƙanana a ƙasa. Idan komai lafiya, ɗigogin sukan yi siffar mazurarin da aka kifa, sun matse a sama, sun bazu daidai a dama da hagu a ƙasa. Abin da ake nema shi ne ko wata kusurwar ƙasa ta zama fayau, musamman wadda ya kamata ƙananan binciken da ba su ga amfanin magani ba su zauna, domin irinsu ne aka fi bari cikin durowa ba a wallafa ba.

Ka fara da abin da idonka ya gani, sannan gwaji. A zanen BCG abin da ya fi fitowa fili ba ramin kusurwa ba ne. Manyan binciken da ke sama, waɗanda ya kamata su taru wuri guda, su ne suka watse, Madras ya fita daga mazurarin ta dama, na Birtaniya ta hagu. Gwajin `regtest`, wanda ya samo asali daga na Egger na 1997, ya ba da z = -0.80 da p = 0.42. Ga jimlar da ta dace: "Gwajin karkata bai nuna shaidar rashin daidaito a zanen mazurari ba (z = -0.80, p = 0.42). Sai dai gwaje-gwajen 13 ne kawai, kuma saɓanin da ke tsakaninsu yana da yawa, saboda haka ba za a iya kore yiwuwar cewa akwai binciken da ba a wallafa ba."

Gargaɗi: jimlar da na fi gogewa a kundin ɗalibai ita ce "babu matsalar wallafa tunda p ya wuce 0.05". Gwajin ba shi da ƙarfin da zai tabbatar da haka. Akasin haka ma kuskure ne, domin mazurarin da ya karkata ba lallai ne ya nuna an ɓoye bincike ba. Yana iya karkata saboda ƙananan binciken an yi su da sakaci, ko an yi su a kan marasa lafiyar da ciwonsu ya fi tsanani, inda magani ya fi nuna aiki, ko kuma dace ne kawai. Shi ya sa ya fi aminci a kira abin "tasirin ƙananan bincike" a babin sakamako, a bar neman dalilinsa ga babin tattaunawa.

Idan bincikenka bai kai goma ba, kada ka yi gwajin, ka rubuta cewa ba a yi shi ba saboda ƙarancin adadi, wannan amsa ce cikakkiya da ba mai ƙin ta. Idan OR kake aiki da shi, gwajin Egger na asali yakan nuna karkata inda babu ita, saboda tasirin da kuskuren awonsa suna da alaƙa ta lissafi, gwajin Harbord ko na Peters sun fi dacewa. Ka kuma rubuta ainihin nau'in gwajin da ka yi, domin `regtest(res)` da `regtest(res, model="lm")` ba lamba ɗaya suke bayarwa ba, na biyun shi ne na Egger na asali. Hanyar `trimfill` kuwa, wadda ke cike gurbin binciken da take zaton sun ɓata, ka ɗauke ta a matsayin gwajin ƙarfin sakamako kawai, kada ka gabatar da lambarta a matsayin gyararren tasiri, balle a bayanai masu saɓani irin waɗannan.

## Mataki na 9: Haɗa sakin layin, ka sake tantance lambobi

Idan aka jera komai bisa tsari, babin zai fara kamar haka: "An haɗa gwaje-gwaje 13 masu mutum 357,347. A tsarin tasiri mai sauyawa, ta hanyar REML, haɗarin kamuwa da tarin fuka ya yi ƙasa a cikin masu allura (RR 0.49, tazarar amincewa ta 95%: 0.34 zuwa 0.70). Saɓani tsakanin gwaje-gwajen yana da yawa (I² = 92%; tau² = 0.31), kuma tazarar hasashe ta kama daga 0.15 zuwa 1.55. Kariyar ta fi ƙarfi a wuraren da suka fi nisa daga ikwaita, abin da ya yi bayanin kimanin kashi 76 cikin ɗari na saɓanin. Cire bincike ɗaya-ɗaya ya bar RR tsakanin 0.45 da 0.53. Gwajin karkatar zanen mazurari bai nuna rashin daidaito ba (p = 0.42), amma ƙarfinsa kaɗan ne."

Bayan ka gama, ka rufe R, ka sake buɗe shi, ka gudanar da umarnan daga layin farko zuwa na ƙarshe, sannan ka ɗauki biro ka bi kowace lamba a wurare huɗu: taƙaitaccen bayani, rubutun babin, tebur, da zane. Yawancin kuskuren da ake kamawa yana zuwa ne daga gyaran da aka yi wa bincike ɗaya a makon ƙarshe, aka sabunta zanen aka manta taƙaitaccen bayani. Ka rubuta lambar sigar R da ta `metafor` a babin hanyoyin aiki, umarnin `sessionInfo()` zai nuna maka su, kuma ka ajiye fayil ɗin umarnan da teburin bayanan a wuri biyu, ɗaya a wajen kwamfutarka, domin mai duba kundin yana iya neman su watanni bayan ka miƙa.